Kalma ɗaya a Turanci, uku a Italiyanci: abin da ɗan haya ke sa wa hannu a Italiya

Da daddare ɗan yayata, wanda ke aiki a wata masana'antar tayil a yankin Modena, ya turo min hotunan takardu ta WhatsApp. Shafi shida na Italiyanci ne, sai wasu shida na Turanci da dillalin gidan ya haɗa masa da su. Ya bi su da saƙon murya: "Kawu, na karanta na Turancin kaf, ban ga wata matsala ba. Jibi za mu sa hannu ni da abokina, don Allah a duba min ko da abin da ya shige min duhu."

Fassarar ba ta da laifi a ido. Wanda ya yi ta ya iya harsunan biyu, bai kuma ɓoye komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar haya ta Italiya ta rarrabe wasu abubuwa ta ba kowanne sunansa da hukuncinsa, shi kuwa Turancin yau da kullum sai ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Mai karatu ya ga kalma guda ta maimaitu a wuri uku, ya ɗauka abu guda ake nufi. Kalma biyu ne suka fi yin wannan ɓarna, wato *deposit* da *termination*, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Tun farko ya kamata ɗan haya ya san wace takarda ce ke ɗaure shi. Ta Italiyancin ce ake sa wa hannu, ita ake kai wa hukumar haraji, *Agenzia delle Entrate*, a yi mata rajista, ita kuma alƙali zai karanta ranar da aka yi rigima. A saman ta Turancin an rubuta *traduzione di cortesia*, ma'ana fassarar alfarma ce kawai, sannan a ƙarshe akwai layin da ya ce idan aka samu saɓani ta Italiyancin ce ke da rinjaye. Don haka amfanin fassara shi ne ta nuna maka inda za ka sa yatsa a kan asalin. Mai fassara da ya san aikinsa yakan bar kalmar Italiyancin a gefen ta Turancin a duk inda doka ta ba kalmar ma'ana ta musamman. Wannan bai yi haka ba, shi ya sa na ce wa yaron ya jera shafukan biyu gefe da gefe, mu bi su sakin layi bayan sakin layi.

Akwai kalmomin da ke yaudarar ido saboda kamarsu da na Turanci, amma waɗannan ba su cika cutarwa ba, domin da ka ga shirmen za ka gane. *Locazione* haya ce, ba ta da alaƙa da wurin da gida yake. *Conduttore* shi ne ɗan haya, duk da na taɓa ganin fassarar da ta mai da shi kwandasta. *Locatore* mai gida, *canone* kuɗin haya. Wadda ta fi su sanɗa ita ce *eventuale*: a Italiyanci tana nufin "idan har abin ya faru", amma idan aka juya ta zuwa *eventual* sai ta koma "wanda zai zo daga baya". Ɓarnar da wataƙila a samu sai ta zama ɓarnar da ake jira. Haka ma rubutun lamba: € 1.950,00 Yuro dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin ne, ɗigo na raba dubbai, waƙafi na raba canji.

To, kuɗin da ake bayarwa tun kafin a karɓi makulli. Hayar gidan Yuro 650 ce a wata. Yaron ya riga ya ba dillali 650 mako biyu da suka wuce, ranar da ya sa hannu a takardar tayi, *proposta di locazione*. A yarjejeniyar kuma ana neman 1,950. Fassarar takardun biyu ta kira dukansu *deposit*, sai shi ya ɗauka kuɗin ajiya ne gaba ɗaya, wanda zai karɓi abinsa duk ranar da ya fasa ko ya tashi.

Da muka duba Italiyancin, 650 ɗin farko sunansa *caparra confirmatoria*. Bahaushe zai ce kafin alƙalami, amma wannan kafin alƙalami ne mai haƙori. Sashe na 1385 na kundin dokar mu'amala ta Italiya ya ce idan wanda ya ba da kuɗin ne ya saɓa, ɗaya ɓangaren na iya janyewa ya riƙe kuɗin. Idan kuwa wanda ya karɓa ne ya saɓa, sai ya mayar da ninki biyu. Ke nan da yaron zai wayi gari ya ce ya samu gida mafi araha ya fasa, 650 ta tafi. Da mai gidan ne zai ba wani gidan bayan ya amsa tayin, 1,300 zai biya. Da a ce an rubuta *acconto*, wannan biyan wani ɓangare ne kawai a gaba, ba ya ɗauke da hukuncin riƙewa ko ninkawa. Abin da za a nema a takarda shi ne makomar wannan kuɗi ranar sa hannu: zai koma hayar watan farko, ko zai shiga cikin kuɗin ajiya? Takardar tayinsa ta ce zai zama hayar watan farko, amma yarjejeniyar ba ta ambace shi ba sam. Na ce masa a ƙara layi ɗaya da ke cewa an riga an karɓi 650, kar ranar ta zo a ce ya kawo 2,600 maimakon 1,950.

Shi kuwa 1,950 ɗin *deposito cauzionale* ne, kuɗin jingina. Ana riƙe shi ne saboda ɓarna ko bashin da ɗan haya zai iya bari. Sashe na 11 na doka mai lamba 392 ta 1978 ya ce kada ya wuce hayar wata uku, kuma yana haifar da kuɗin ruwa bisa ƙimar da gwamnati ta ƙayyade, wanda ya kamata a ba ɗan haya a ƙarshen kowace shekara. Da yawa daga cikin mutanenmu ba sa son taɓa wannan kuɗin ruwa, kuma masu gidaje ba sa tunatar da kowa, to wannan tsakanin mutum ne da malaminsa. Abin da ya fi shafar aljihu wasu kalmomi ne da ke biye da shi: *non imputabile in conto canoni*. Ma'anarsu ba a lissafa shi a matsayin haya. Al'adar da wasu ke yi ta cewa "wata ukun ƙarshe ba zan biya ba, a cire a kuɗin ajiyata" ba ta da gindi a nan. Wanda ya yi haka, a idon doka mai bashin haya ne, ko da kuɗinsa na hannun mai gida.

Na ukun da kan faɗa cikin wannan ƙwarya shi ne *fideiussione*, wanda wasu ke fassarawa da *guarantee deposit* ko *security*. Wannan ba kuɗi ne da ake ajiyewa ba. Wani ne, banki ko mutum, ke tsaya maka ya ɗauki nauyin bashinka. A dokar Italiya mai tsayawa yana ɗaure tare da mai bashin, sai fa idan an rubuta cewa a fara bin ainihin mai bashi tukuna. Duk wanda ɗan'uwa ya roƙa ya "sa masa hannu kawai" a matsayin *garante* ko *fideiussore*, ya sani ana iya zuwa ƙofarsa kai tsaye.

Yanzu ga babbar maganar. A fassarar, kalmar *termination* ko *terminate* ta fito a sashe na 2, na 3 da na 9. A Italiyancin kalma uku ne mabambanta: *disdetta*, *recesso* da *risoluzione*. Kowacce da lokacinta, da mai ikon yin ta, da abin da take jawowa.

Yarjejeniyar irin wadda ake kira huɗu da huɗu ce, ƙarƙashin doka mai lamba 431 ta 1998: shekara huɗu, sannan ta sabunta da kanta zuwa wasu huɗu. Tasa za ta fara 1 ga Yuni 2024, zangon farko ya ƙare 31 ga Mayu 2028. *Disdetta* ita ce sanarwar cewa ba za a sabunta ba idan zango ya cika. Ba ta yanke haya a tsakiya. Kuma a ƙarshen zangon farko hannun mai gida a ɗaure yake: ba zai ƙi sabuntawa ba sai da ɗaya daga cikin dalilan da sashe na 3 na dokar ya lissafa, kamar yana son ya zauna a gidan shi ko matarsa ko iyayensa ko 'ya'yansa, ko za a rushe ginin a sake shi, ko zai sayar alhali ba shi da wani gidan zama ban da wanda yake ciki. Dole ya ba da notis na aƙalla wata shida, wato ya iso kafin Nuwamba 2027 ta ƙare, kuma ya faɗi dalilin a cikin wasiƙar. Idan ya karɓi gidan ya shekara bai yi abin da ya ce ba, ɗan haya na da haƙƙin a mayar da shi ko a biya shi diyyar da ba ta gaza hayar wata 36 ba. A gidan Yuro 650, wannan 23,400 ke nan. Yaron da ya karanta "mai gida na iya *terminate* da notis na wata shida" ya ɗauka ana iya tashin sa kowane lokaci, ya ma haƙura da hakan a ransa. Ashe dokar ta fi fassarar tausayinsa.

A *recesso* kuma abin ya juye, fassarar ce ta fi dokar sassauci. *Recesso* shi ne ficewar ɗan haya a tsakiyar zango. Sashe na 3 na takardarsa ya kwafo lafazin doka: ɗan haya na iya fita kowane lokaci *qualora ricorrano gravi motivi*, da notis na wata shida. An fassara shi da *for serious reasons*, kuma ba ƙarya aka yi ba. Na tambaye shi me ya fahimta. Ya ce, "Ai Kawu, in zan tashi dole da dalili mai ƙarfi, wa zai tashi haka kawai?" Nan ne kuskuren. Ba ɗan haya ke auna nauyin dalilin ba. Kotunan Italiya sun daɗe da tsayawa a kan cewa dalilin dole ya kasance ya auku bayan an sa hannu, ba a iya hango shi ba a lokacin, ba da zaɓin ɗan haya ya faru ba, kuma ya sa ci gaba da zama ya yi masa nauyi ƙwarai. Kamfani ya mai da kai wani gari mai nisa ba da neman ka ba, ko an sallame ka daga aiki, ko wata babbar rashin lafiya ta sa ba ka iya hawa bene, irin waɗannan su ake kawowa. Samun gida mafi araha a unguwar gaba ba ya ciki. Haka nan abin da ka riga ka sani tun ranar sa hannu.

Wannan ya taɓa shi kai tsaye, domin yana shirin ɗauko matarsa cikin shekara ɗaya ko biyu, su nemi gida nasu. Abu ne da ya sani tun yanzu, kuma zaɓinsa ne, don haka mai gida na iya musa cewa dalili ne mai nauyi. Maganinsa a rubuce yake, kuma kafin sa hannu ake neman sa: a sauya sashen ya ba ɗan haya damar fita ba tare da kawo dalili ba, abin da ake kira *recesso libero*, in an samu ma a rage notis zuwa wata uku. Doka ba ta hana a sassauta wa ɗan haya ba, kuma masu gidaje da yawa kan yarda, musamman inda gida ba ya daɗewa babu kowa.

Yadda ake ba da notis ɗin ma yana da ƙa'ida. Takardar ta ce *lettera raccomandata A/R*, wasiƙar gidan waya mai rajista wadda ake dawo maka da katin shaidar an karɓa. Saƙon waya ko gaya wa mai gida baki da baki a bakin ƙofa ba su cika sharaɗin ba. Wata shidan yana fara ƙirguwa ne daga ranar da wasiƙa ta isa ga mai gida, ba ranar da ka aika ba, kuma idan da dalili kake fita sai ka rubuta dalilin a ciki. In ta isa 10 ga Afrilu, haya na kanka har 10 ga Oktoba, ko ka kwashe kayanka tun a Mayu. Wata shida sau 650, Yuro 3,900 ne, ninki biyu na kuɗin jinginar da mutum ke tunanin zai bari ya wuce.

*Risoluzione* kuwa, wadda wasu ke juyawa zuwa *resolution* har mutum ya zaci sulhu ake nufi, a sashe na 9 warware yarjejeniya ce saboda wani ya saɓa. Dokar 1978 ta sa ma'auni: haya ta wuce kwana 20 daga ranar biya ba a biya ba, ko bashin kuɗaɗen gini ya haura hayar wata biyu, to mai gida ya samu hujja. Takardarsa ta ce a biya *entro il giorno 5*, wato kada a wuce 5 ga wata, ke nan bayan 25 ga wata an shiga hatsari. Duk da haka mai gida ba shi da ikon sauya kwaɗo ko fitar da kaya da hannunsa. Sai ya bi ta kotu, kuma alƙali na iya ba ɗan hayan da ya nuna yana cikin matsi wa'adin da yawanci bai wuce kwana 90 ba ya biya.

Su biyu za su sa hannu, shi da abokinsa ɗan zangon Kumasi, sun shirya kowa 325. A takardar akwai kalma biyu ƙanana, *in solido*, waɗanda fassarar ta mayar *jointly*. Ya karanta ta a matsayin "tare", ya wuce. Cikakkiyar fassarar lauyoyi ita ce *jointly and severally*, kuma abin da take nufi shi ne mai gida na iya bin kowane ɗayansu dukan 650. Rabon 325 tsakaninsu ne, mai gida ba ruwansa. Abokin ya samu aiki a Jamus ya ɗauki jakarsa, wanda ya rage shi za a riƙe, sai dai daga baya ya bi abokin nasa rabinsa. Goge kalmomin ma ba ya wadatarwa, domin a dokar Italiya idan mutum biyu suka ɗauki bashi ɗaya, asali ana ɗaukar su a haɗe ne sai an rubuta akasin haka.

Kuɗaɗen gini ba zan ja su da nisa ba. Yuro 80 a wata na *oneri accessori*, shara da fitilar matattakala da lif da ɗumama gida, an rubuta shi *salvo conguaglio*. Fassarar ta ce *subject to adjustment*, abin da ya yi kama da ƙarin farashi nan gaba. Ainihin ma'anar ita ce 80 ɗin ƙiyasi ne. A ƙarshen shekara za a yi lissafin abin da aka kashe, ka cika ko a mayar maka. Ka biya 960, lissafi ya nuna kasonka 1,240, sai takardar 280 ta iso. Kana da wata biyu ka biya, kuma kana da haƙƙin a nuna maka yadda aka raba kuɗin da rasit ɗinsu kafin nan.

Akwai wata jimla da kowa ke tsallakewa saboda ta yi kama da gaisuwa: ɗan haya ya duba gida ya same shi *in buono stato locativo*, cikin kyakkyawan yanayi. Na ce ya koma gidan da rana ya janye kabad ɗin ɗakin kwana daga jikin bango. Ya turo min hoto: baƙin fumfuna ya kai faɗin faranti a kusurwa, ga kuma tayil ɗaya a banɗaki da ya tsage daga gefe zuwa gefe. Sashe na 1590 na kundin ya ce idan ba a bayyana halin gida ba, ana ɗauka ka karɓe shi lafiya lau. Shekara uku nan gaba wannan fumfuna da wannan tayil daga cikin 1,950 ɗinsa za a nemi cire su. Abin da ke kare shi shi ne *verbale di consegna*, takardar miƙa gida, inda za a rubuta kowane lahani da lambar mitar wuta da gas da ruwa, a haɗa hotuna, duka su sa hannu.

A shafi na ƙarshe wurin sa hannu biyu ne. Mai fassara ya taƙaita na biyun a layi ɗaya, kamar maimaici ne. A Italiyancin an ambaci sashe na 1341 da 1342 na kundin, aka jero lambobin sassan yarjejeniyar: 3, 7, 9, 12. Dokar ta ce wasu sharuɗɗa masu nauyi da ɓangare ɗaya ya tsara ba sa aiki sai an amince da su daban a rubuce. Wannan jerin lambobi mai gida ne da kansa ya nuna maka inda ƙaya take. Ni daga nan nake fara karanta kowace yarjejeniya, in koma baya in nemo sassan ɗaya bayan ɗaya.

Saura rajista. Nauyin mai gida ne ya yi ta cikin kwana 30, kuma yarjejeniyar da ba a yi wa rajista ba ba ta da ƙarfi a doka. Ga baƙon da zai nemi a shigar da sunansa a adireshin, ko ya nemi ɗauko iyali, kwafin rajistar nan ake yawan tambaya. Harajinta kashi 2 cikin ɗari ne na hayar shekara, a nan 156 daga 7,800, a raba biyu tsakanin mai gida da masu haya. Amma takardarsa ta ce mai gida ya zaɓi *cedolare secca*, wadda aka fassara da *flat tax*, yaron kuma ya tsorata ya ɗauka haraji ne a kansa. Harajin mai gida ne shi kaɗai, kuma tsarin ya yi wa ɗan haya daɗi: babu harajin rajista, sannan muddin mai gida na kan tsarin ya yafe ƙarin haya na shekara-shekara da ake yi bisa alƙaluman ISTAT, hukumar ƙididdiga ta Italiya. Sai ga shi sashe na 7 ya ce za a riƙa ƙarawa duk shekara, alamar an kwafo shi ne daga wata tsohuwar takarda.

Na ce ya kai takardar ofishin ƙungiyar 'yan haya, SUNIA ko SICET, su sake dubawa, domin ni tafinta ne, ba lauya ba. An ɗaga sa hannun da kwana huɗu. Mai gidan ya yarda da fita ba tare da dalili ba, amma ya ƙi rage notis ƙasa da wata shida. An gyara sashe na 7, an rubuta 650 ɗin farko, fumfuna da tayil sun shiga takardar miƙa gida. *In solido* kam ya ce ko harafi ɗaya ba zai taɓa ba, sai yaran biyu suka rubuta tasu 'yar takardar a tsakaninsu, cewa duk wanda zai tashi zai ci gaba da biyan 325 har a samu wanda mai gida ya amince ya maye gurbinsa.